Ambaliya ta ci shinkafar ƙungiyarmu: me za mu rubuta wa kamfanin inshora?

Tambaya: Barista barka da aiki. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa, mu 32 ne, yawancinmu a nan cikin Kano muke zaune amma gonakin suna wajen Kura. Mun yi inshorar hekta 40, kowace hekta a kan darajar naira 500,000, mun biya kuɗin inshorar ta hannun ejan. Ruwa ya malalo ya kwana huɗu a kan shuka. Shugabanmu ya ce in rubuta cewa ruwa ya cinye mana eka 100 a biya mu kuɗin buhunan da za mu samu. Ya zan tsara wasiƙar?

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya mayar da alheri. Amma dan Allah kar ka aika wasiƙar nan yadda shugaba ya faɗa, don lambar eka 100 ɗin nan ita kaɗai ta isa ta jawo muku matsala.

Hekta ɗaya eka biyu da kusan rabi ce, 2.47 in za a yi lissafi daidai, to kaga eka 100 ta kama hekta 40 da ɗan ɗori kenan, wato kuna cewa ruwa ya ci fiye da duk abin da kuka yi wa inshora, ko kunya ɗaya bata tsira ba. Jami'in da kamfani zai turo ya kimanta asara da na'urar GPS yake zuwa, zai zagaya gona ya auna, in ya tarar da shinkafa tsaye a wasu gonakin shikenan ya samu abin rubutawa, kuma yawancin takardun inshora suna da sharaɗin cewa in an zuzuta asara da gangan kamfani na iya ƙin biyan komai, har da asarar da ta tabbata. Nasan shugaba ba ƙarya yake nufi ba, eka a bakin manomanmu kiyasi ce, kowa da girman tasa. Kamfani kuma da awo yake aiki. Ku yi amfani da ma'aunin da ke cikin takardar inshorarku, tunda hekta aka rubuta to hekta za ku rubuta.

Kafin ma wasiƙar, yau ɗin nan ku sanar da su in baku yi ba. Takardar inshora tana da wa'adin sanarwa kuma gajere ne, wani kwana biyu ko uku, wani mako, ka buɗe taku ka duba. Kiran ejan a waya bai wadatar ba, gobe zai iya cewa bai tuna ba. Layi huɗu sun isa: sunan ƙungiya, lambar inshora, ranar da ruwa ya shiga, wurin, da cewa cikakken bayani na tafe. Ka kai ofishinsu da kwafi biyu a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi, ka kuma tura ta imel. Sannan ka nemo rasit, na kamfani ba na ejan ba, saboda doka a Najeriya ita ce in kuɗin inshora bai shiga ba to babu inshora.

Ita babbar wasiƙar, ƙarfinta yana jadawalin da za ka liƙa mata. Mutum 32 layi 32. Kowane layi ya nuna sunan manomi yadda yake a jerin da kuka ba kamfani tun farko, inda gonar take, hektar da aka yi wa inshora, hektar da ruwa ya taɓa, ranar dashe, da ko ta mutu gaba ɗaya ko wani ɓangare ne. Wanda ruwa bai taɓa gonarsa ba shima a sa shi a rubuta babu asara, wannan yana ƙara wa takardarku daraja sosai a idon mai dubawa.

Bari mu ɗauka kun auna kun samu hekta 18 ta mutu murus, hekta 12 ta lalace rabi, 10 ta tsira. Hekta 18 sau 500,000 miliyan 9 kenan. Hekta 12 a kan rabi miliyan 3. Jimla miliyan 12. In takardarku ta ce ku za ku ɗauki kashi 10 cikin 100 na asara da kanku, abin da za a nema ya koma 10,800,000. Kuma ka shirya wa membobi zuciya, don irin wannan inshorar sau da yawa kuɗin da aka kashe a gona take mayarwa, iri da taki da maganin feshi da ƙwadago, ba kuɗin buhunan da ake sa ran girbewa ba, har ma in ruwan ya zo kafin ku zuba taki na biyu suna iya cire kuɗinsa tunda ba a kashe ba. Maganar buhuna da shugaba yake yi sai in takardar ce ta faɗi haka.

Akwai abin da nake so ka tambayi membobi a ɓoye ba a taro ba: akwai wanda ya ƙara fili bayan an yi inshora? In ashe hekta 50 aka shuka an yi wa 40 inshora, ƙarin 10 ɗin baya ciki, kuma in akwai sharaɗin rage biya gwargwadon abin da aka ɓoye, za su biya 40 cikin 50 ne, miliyan 12 ta koma 9,600,000 tun kafin a cire kasonku.

Hujja kuwa, hoto da bidiyo tun ruwa na kwance, a ɗauko da wata alama da ba ta motsi kamar bishiya ko gadar kwalbati, a kuma koma wurin bayan ruwa ya janye a sake ɗauka daga inda aka tsaya da farko. Ku bar asalin hotunan a wayar da ta ɗauka, don in aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto bayanan rana da wuri suna gogewa. Ku samu rahoton malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, da takardar dagaci, in jami'an SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, sun zo sun ɗauki sunaye a nemi kwafi, sai rasit ɗin taki da iri. Kuma kar kowa ya sa garma ko ya sake shuka kafin mai kimantawa ya zo, in lokaci na ƙurewa ku rubuta musu ku ba su rana, ku ce bayan ranar za mu gyara gona.

Shugaba da kai ku sa hannu da hatimin ƙungiya, a haɗa kwafin satifiket ɗin rajista, don ƙungiya mai rajista ce ke iya nema ko kai ƙara da sunanta. In da bashin banki kuka yi noman, a ba bankin kwafi, mai yiwuwa ma sunansa ne a matsayin wanda za a fara biya.

In sun yi tayin kuɗi ƙasa da lissafinku, kar ku sa hannu a takardar sallama sai sun ba ku lissafinsu a rubuce gona-gona, don da zarar kun sa hannu cewa an biya ku duka, dawowa na da wuya. In sun ƙi biya ko sun yi shiru, ku kai koke NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, da kwafin duk takardun nan. Kotu na nan, amma ka duba ko takardarku ta ce sai an fara zuwa wajen masu sasanci, in kuma kamfanin na gwamnati ne dokar da ta kafa shi na iya buƙatar a ba shi notis kafin ƙara, wannan kam sai ka kawo takardar lauya ya karanta shafi-shafi.