Jini a bahaya: kada ka yi irin sakacin da na yi

"Shekarata 46, a Gombe nake. Wata uku ke nan ina ganin jini a bahaya, wani lokaci da majina. An ce basir ne. Wane magani ya fi?"

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don kalmar nan "basir ne" ita ta cinye mini wata 14. Wani mai maganin gargajiya a bakin tasha, da lasifikarsa, ya riƙa ɗura mini jiƙo a galan. Na gaya masa jinin ya koma baƙi-baƙi, ya ce ai dattin ciki ne ke fita, in ƙara kofi ɗaya da dare. Wandona ya yi mini yawa har na huda sabon rami a bel, yana gani, bai taɓa cewa in je asibiti ba. Har yau idan na ji lasifikar nan raina ɓaci yake yi.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a shago, aka auna jinina aka ce 7 ne, kusan rabin na lafiyayyen namiji. Daga nan aka gano sankarar hanji. An yanke wani sashe na hanjina, na yi wata shida ina karɓar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Alhamdulillahi ina raye, amma gonar gadonmu ta tafi.

Jinin basir yawanci ja ne jawur, yana ɗiga bayan ka gama. Nawa a cakuɗe yake da bahayan, da majina, yau gudawa gobe ciki ya ɗaure, ina tashi daga bayi in ji kamar ban gama ba. Amma kada ka dogara da launi. Mutum kan iya samun basir da sankara a lokaci guda.

Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ka ga likita. Zai fara dubawa da yatsa ta dubura. Kunyar wannan ce ta hana ni zuwa, ashe bai kai minti biyu ba. Ka tambaye shi batun kolonoskofi: siririn bututu mai kyamara da ake leƙa babban hanji da shi. Ana gobe za ka sha maganin wanke ciki, ruwa-ruwa kawai za ka sha, kuma ana yin allurar rage zafi. Idan an ga ɗan tsiro ana iya cire shi nan take, tun bai rikiɗe ya zama sankara ba. Gwajin bahaya na neman ɓoyayyen jini ya fi dacewa da masu shekara 45 zuwa sama da ba su ga alama ba. Kai da kake ganin jinin da idonka, ko ya fito ba komai bai wanke ka ba.

Ka kuma tambayi Hajiya ko akwai wanda ciwon hanji ya kashe a dangi, don yana bin jini. Ƙannena biyu likita ya ce su yi nasu tun yanzu. Ɗaya ya yi, ɗayan har yau ina fama da shi. Allah Ya ba ka lafiya. Idan ka sa rana ka yi mini magana, zan raka ka.