Famfon da ya ƙi tsayawa: yadda ake saita na'urar auna damshin ƙasa

"Malam, ɗana ya haɗa mini na'urar auna damshi da Arduino don ban-ruwa na ɗigo a ɗan lambuna na tumatir a Yamai. A iska ta nuna 590, a kofin ruwa 280, muka sa famfo ya tsaya a kashi 80. Har yau bai taɓa tsayawa da kansa ba, ganye kuma ya fara ɗorawa. Ko ta lalace ne?"

Malam, na'urarka lafiya lau take, kada ka kashe kuɗi kan wata. Wannan kuskuren na gaji da gyara shi: tumatir ba a iska yake tsiro ba, ba kuma a kofi ba. Ƙasar jigawa irin ta Yamai rairayi ce, kuma ko ta sha ta ƙoshi, ruwan da take riƙewa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta ba, saura ya zarce ƙasa da saiwa, ya tafi da takinka. Ka ɗora wa rairayi ma'aunin da ba zai kai ba, shi ya sa famfo yake ta aiki.

Lambobi biyun da kake bukata daga ƙasar fangalinka za su fito. Ka haƙo cikin bokiti ɗaya daga zurfin da saiwa take, wajen santimita 10 zuwa 15, ka baza a kan buhu ta sha rana kwana biyu ko uku, har ta riƙa zubowa ta tsakanin yatsu. Sai ka mayar da ita bokitin da ka huda gindinsa, ka danna ta daidai yadda take a fangali, ka soka na'urar har layin da aka zana mata, ban da kan da ke da wayoyi. Ka matse ƙasar a jikinta sosai, domin ɗan sarari na iska yana sa ta nuna bushewar da babu. Ka karanta sau goma, ka ɗauki matsakaici. Kada ka yi wannan da tsakar rana ƙasa tana zafi. Da asuba ya fi.

Lambar jiƙa ita ce ake kuskuren yin gaggawa a kanta. Ba tare da ka zare na'urar ba, ka zuba ruwa a hankali har ya tsiyayo ta ƙasan bokitin, ka rufe bakin da leda, ka ajiye a inuwa kwana ɗaya cur. Abin da ta nuna washegari shi ne ƙoshin ƙasarka na gaskiya. Mai lakar fadama, irin ta masu albasa a yankin Tawa, sai ya jira kwana biyu zuwa uku.

A ce busasshiya ta ba ka 540, jiƙaƙƙiya 410. A tsohon ma'auninka 410 kashi 58 ne kawai, ka ga inda 80 ta gagara. Ɗanka ya gyara haka:

```
int bushe = 540, jike = 410;
int kashi = map(analogRead(A0), bushe, jike, 0, 100);
kashi = constrain(kashi, 0, 100);
```

Sai dai ka lura, sifili a nan ƙasar da ta sha rana ce, tumatir kuwa ya daɗe da yaushi kafin a kai can. Saboda haka a rairayi ni nakan buɗe ruwa a wajen kashi 70, wato lamba 450 a wannan misali, in rufe a 90. Na'urar ta zauna kamar taƙi ɗaya na hannu daga ramin ɗigo: idan tana ƙarƙashinsa za ta rufe ruwa tun saiwa ba ta sha ba, idan ta yi nisa ruwan ba zai iske ta ba, domin a rairayi ƙasa yake nutsewa, ba ya yaɗuwa gefe. Mako na farko ka riƙa haƙa da hannu kusa da ita kana dunƙulawa. Idan ta ce 70 amma ƙasar ba ta dunƙulu ko kaɗan, ka ɗaga kashin buɗewa ya wuce 70.

Wani kuma ya ce: "Tawa mai ƙafafu biyu ce na ƙarfe, kuma lambobinta suna canzawa duk sa'ad da na zuba takin zamani."

Irin wannan na'urar, gishirin taki yana ruɗa ta, ƙarfenta kuma yana cinyewa a ƙasa mai damshi, don haka ka nemi wadda aka rubuta Capacitive a jikinta, ka sake awon daga farko.