Ina so a ɗauke ni daga ƙarƙashin ogana: yaya zan rubuta takardar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a sashen kuɗi na wata ma'aikatar gwamnati, ina mataki na 8. Wata bakwai ke nan shugaban sashenmu ya sa ni gaba: tsawa a gaban mutane, ya janye ayyukan da ke hannuna, sau biyu yana hana ni hutun shekara. Ina so in rubuta wa sashen kula da ma'aikata su canza mini wuri, amma ina tsoron takardar ta dawo kaina. Me zan rubuta, kuma ta ina zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo maka sauƙi. Kafin ka ɗauki biro, ka raba abu biyu da mutane ke yawan haɗawa: takardar ƙorafi daban, takardar neman canjin wuri daban. Ta ƙorafi tana neman a binciki mutum a hukunta shi, don haka sai an ji ta bakinsa, wani lokaci a kafa kwamiti, a shafe watanni kai kuma kana nan zaune a ƙarƙashinsa. Ta canjin wuri abu ɗaya take roƙo, a mayar da kai wani tebur, kuma darakta zai iya amincewa da ita da layi biyu a kan fayil ba tare da ya ce kowa ya yi laifi ba. Tunda burinka ka tashi daga wurin, ta biyun za ka rubuta, kuma kowace jimla a cikinta ta zama mai sauƙaƙa wa mai sa hannu ya ce to.

Wannan ba ya nufin ka ɓoye dalili. Ka faɗe shi, amma da rana da wuri da abin da ya faru. Idan ka rubuta "ogana azzalumi ne, ya tsane ni", ka ba shi makami, domin ba abin da zai kare sai ya ce kai ne marar ladabi, kuma a ƙa'idojin aikin gwamnati rashin ɗa'a ga na gaba laifi ne da ake ba da takardar tuhuma a kansa. Amma idan ka rubuta cewa ranar kaza ka cike takardar hutu, aka dawo da ita ba a rubuta dalili ba, ga kwafinta a haɗe, to wannan magana ce da ko dai ta faru ko ba ta faru ba. Daga yau ka sami ƙaramin littafi da kake ajiyewa a gida, ba a durowar ofis ba, kana rubuta rana, lokaci, abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin. A takardar kuwa misali uku sun isa. Ka zaɓi masu shaida a rubuce. Hana hutu da janye aiki sun fi tsawa nauyi a nan, duk da na san tsawar ce ta fi ci maka rai, saboda abokan aiki da suka ji ta da kunnensu sau da yawa ba za su yarda su tsaya shaida a kan wanda ke cike musu takardar auna ƙwazo ba.

Ga yadda cikinta zai kasance, kada ta wuce shafi ɗaya. Idan da Turanci ofishinku ke aiki, sai ka juya ta, ka sa ranakunka na gaskiya:

"Ina neman a canza mini wurin aiki daga sashen kuɗi zuwa sashen binciken kuɗi na cikin gida, ko wani sashe da hukuma ta ga ya dace da matakina. Na yi shekara 4 a wannan sashe ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba. Daga watan Maris zuwa yau an janye mini aikin shirya takardun biyan kuɗi ba tare da an ba ni wani a madadinsa ba. Na nemi hutun shekara ranar 6 ga Mayu da ranar 12 ga Agusta, duka biyun ba a amince ba. Kwafin takardun na haɗe. Na nemi ganawa da shugaban sashe don mu fahimci juna, amma al'amarin bai canza ba. A halin da ake ciki ba na iya ba hukuma aikin da take biya na dominsa. A shirye nake in miƙa duk abin da ke hannuna a rubuce cikin mako biyu."

Ka lura an ambaci inda ake son komawa. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, kuma shi ke kashe takardu da yawa, don jami'in ma'aikata ba zai tashi yana nema maka gurbi ba. Ka fara zuwa wurin shugaban sashen da kake so, ka gaishe shi, ka tambaya ko yana da gurbi a layin aikinka da matakinka. In ya ce zai karɓe ka, rabin aikin ya ƙare. Jimlar ganawa da oga kuma kada ka sa ta sai in da gaske ka nema.

Sai babbar matsalar, wato hanya. A aikin gwamnati takardar ƙaramin ma'aikaci tana bi ta hannun shugabansa ne kafin ta kai sama, shi ya sa ake rubuta u.f.s., wato ta hannun wane, a ƙasan adireshin wanda aka rubuta wa. Ma'ana mutumin da kake gudu shi zai fara karanta ta. Kada ka tsallake shi gaba ɗaya, domin ana iya dawo maka da ita a ce ba ka bi ƙa'ida ba. Ka buga kwafi uku. Na farko ya bi ta ofishinsa. Na biyu ka rubuta a samansa cewa kwafin gaba ne, ka kai wa daraktan kula da ma'aikata ta ofishin karɓar wasiƙu. Na uku naka ne, kuma kada ka bar wurin sai an buga masa hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a ofisoshin biyu. Da wannan, in takardar ta kwana a durowarsa, sama sun riga sun san da ita. A kamfani mai zaman kansa yawanci ba a tilasta wannan bi ta hannu, sai dai ka duba littafin ƙa'idojin ma'aikata, ka aika ta imel don ranar aikawa ta zauna.

Bayan ka miƙa, ka sa ran zai ji, kuma watakila ya fara neman kuskurenka. Ka riƙa zuwa a kan lokaci, ka sa hannu a rajistar zuwa aiki kullum. Kada fushi ya sa ka zauna a gida kana jiran amsa, domin ƙin zuwa aiki ba izini babban laifi ne da kan kai ga kora, kuma shi zai rufe duk maganarka. In takardar tuhuma ta zo, ka amsa cikin wa'adin da aka rubuta a jikinta, a taƙaice, ka ajiye kwafi.

Idan mako uku ko huɗu suka wuce shiru, ka rubuta tunatarwa mai layi uku, ka ambaci ranar takardar farko, ka haɗa kwafin mai hatimi. In har an sake yin shiru, ka kai wa wakilin ƙungiyar ma'aikata na ofishinku, sannan ka rubuta wa babban sakatare. A waje akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda ba ta karɓar kuɗi, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke da hurumin shari'ar aiki, amma dukansu za su so ganin ka fara bin hanyoyin cikin gida. Abu ɗaya ne ke sauya duk wannan tsari: in abin ya kai ga duka, barazana, neman lalata, ko tilasta maka sa hannu a takardar kuɗin da ka san ba daidai ba ce, to ya wuce neman canjin wuri. A nan ƙorafi za ka rubuta kai tsaye zuwa sama, a ranar, kuma kada ka sa hannun.