Inda Shawarwarin Akwatin Bincike Suke Fitowa

"Malam, don Allah yaya akwatin bincike yake sanin abin da zan rubuta tun ban ƙarasa ba?"

Assalamu alaikum. Ƙanena, abin da kake gani ƙidayar abin da wasu suka rubuta ne kafin kai, kuma an kammala yawancin aikin tun kafin ka taɓa wayarka. Ana adana kowane bincike a rajista tare da lokacinsa. Daga nan sai a mayar da manyan haruffa ƙanana, a ƙirga sau nawa kowace jimla ta bayyana, a zubar da zagi da batsa, a kuma zubar da abin da mutane ƙalilan suka nema, domin yana iya zama sunan wani ko lambar wayarsa.

Abin da ya rage ana jera shi a tsarin da masu shirya manhaja suke rubutawa `trie`, wato bishiyar haruffa, inda kowane harafi yake zama reshe, kalmomin da farkonsu ɗaya suke bin hanya ɗaya har inda suka rabu. A matsayin misali, mu ce an nemi `kano` sau 900, `kaduna` sau 700, `katsina` sau 500, `katako` sau 40. Dukansu suna bi ta `k`, sannan `a`. Idan ka tsaya a `ka`, Kano ce za ta zo a sama, amma da zarar ka ƙara `t`, an datse sauran rassan, sai Katsina ta hau, katako na biye da ita.

Nan ne dabarar take, kuma ita ce ta fi burge ni. A ƙarƙashin `ka` ana iya samun jimloli dubbai, kuma bin su ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da ka danna harafi zai ci lokaci. Saboda haka tun lokacin gina bishiyar ake ajiye biyar ko goma mafi yawan nema a kowace mahaɗa, ta yadda harafi uku taku uku ne kawai, komai girman rajistar.

Wannan saurin yana da farashi. Ƙidayar da aka ajiye tana tsufa, don haka ake sake gina bishiyar lokaci-lokaci, ana ba binciken kwanan nan nauyi fiye da na bara.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye. A wurin na'ura, `ƙ` da `k` haruffa ne daban, kuma da yawanmu ba ma sa lanƙwasa a waya, sai ƙidayar `ƙasar hausa` ta rabu gida biyu, kowane rabi ya yi rauni. A ganina, ya kamata a bi bishiyar da harafi marar lanƙwasa, amma a nuna wa mai bincike rubutun daidai. Ka gwada `ƙasar` da `kasar` a kowace manhaja. Idan jerin ya sha bamban ƙwarai, wataƙila ba a haɗa rassan ba.