Teburin maki a kwance: in sayi sabuwar sikana ko in sayi manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne jami'in jarrabawa a wata makarantar sakandare. Muna da babbar takardar maki ta ajujuwa, shafi 60, bugun firinta ne a kwance, sunayen darussa kuma a tsaye suke a saman kowane ginshiƙi. Na yi sikanin ɗinsu don in mayar da su Excel, amma abin da ke fitowa hargitsi ne kawai. Wani ya ce in sayi sikana mai ɗaukar A3, wani ya ce in sayi ABBYY FineReader. Wanne ya fi? Daga Malam U., Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna, domin matsala biyu ce ta haɗu maka, kuma ta farkon ba ta buƙatar ko kwabo.

Bakin da ke zuƙar takarda a sikana ta A4 faɗinsa bai wuce kimanin milimita 216 ba, takardar A4 kuma 210 ce a faɗi, 297 a tsawo. Don haka dole ta shiga ta gajeren gefenta, kuma teburin da aka buga a kwance zai fito a kishingiɗe cikin hoton. Manhajar da ke gano tebur ta ɗauka rubutu yana tafiya ne daga hagu zuwa dama. Ko dai ta bi layukan da aka ja ta nemo inda suka gitta juna, ko ta bi farin filin da ke tsakanin kalmomi. In shafi ya kishingiɗa, layukan ɗalibai sun koma ginshiƙai, ginshiƙan darussa sun koma layuka. A ce ajin na da ɗalibai 40, da ginshiƙi 15: lamba, suna, darussa 12, sai jimla. Maimakon layi 41 da ginshiƙi 15, za ka ga ginshiƙi 41 da layi 15, cikinsu kuma tarkacen alamomi ne, saboda mai karanta rubutun yana ƙoƙarin karanta lambobin da ke kwance a kan haƙarƙarinsu. Da ka ga wannan siffa, ka san juyi ne matsalar, sikanarka lafiyarta ƙalau.

Inda mutane da yawa ke ruɗewa shi ne, sai su ce ai sun juya shafin, ga shi nan a miƙe a allo. Juyin iri-iri ne. Wanda ake yi da Rotate View a cikin Acrobat Reader na kallo ne kurum, kana rufe fayil ya tafi. Akwai kuma wanda ake ajiyewa a cikin PDF ɗin, amma shi ma 'yar alama ce mai suna `/Rotate` da ke cewa a nuna shafin a juye da digiri 90, 180 ko 270, hoton da ke ciki bai motsa ba. Wasu manhajojin suna girmama alamar, wasu kuwa hoton suke zarowa yadda yake. Kana iya duba halin da shafinka ke ciki da `pdfinfo`, wanda ke zuwa cikin Poppler, kyauta:

```
pdfinfo -f 1 -l 5 maki.pdf
```

Dubi girman kowane shafi da layin `rot`. A4 a tsaye tana nuna kusan 595 x 842. In ka ga haka tare da `rot` 90, alama ce kawai ke miƙar da shafin. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a juya hoton kansa.

Ka fara da shafi ɗaya, kada ka taɓa sauran 59 sai ka ga ƙarshen wannan. Fitar da shi hoto, ka tambayi Tesseract, manhajar karanta rubutu daga hoto, ina ya fuskanta:

```
pdftoppm -r 300 -f 4 -l 4 -png maki.pdf shafi
tesseract shafi-04.png - --psm 0
```

A amsar da zai ba ka, layin `Rotate` shi ne digirin da za ka juya ta hannun agogo, `Orientation confidence` kuma yana nuna yadda ya gamsu da hukuncinsa. In ya ce 90, sai ka yi haka da ImageMagick:

```
magick shafi-04.png -rotate 90 mike.png
```

Hoton da yake 2480 x 3508 zai koma 3508 x 2480. Buɗe shi ka gani da idonka kafin ka ci gaba. Abin da na fi jin tsoro a takardar maki shi ne a juya ta gurguwar hanya, shafin ya koma ƙasa a sama. Kalmomi in sun kife kan fito a lalace, kowa zai gane. Lambobi kuwa 6 kan koma 9, 0 da 8 su zauna daram, yaron da ya ci 68 ya fito da 89, kuma babu abin da zai yi maka ƙara.

Kada ka sakar wa juyin kai-tsaye komai a irin takardarka. Ana gano fuskar shafi ne daga siffar haruffa, takardar maki kuwa yawancinta lambobi ne. Wani lokaci Tesseract zai ce `Too few characters`, ya tsallake shafin. Wani lokaci kuma sunayen darussa da ke tsaye su ne manyan kalmomin da ya samu, sai su ja hukuncin zuwa ɓangarensu. Haka ma OCRmyPDF, wanda ke karanta rubutun hotunan da ke cikin PDF: yana da `--rotate-pages`, amma ba ya juya shafi sai gamsuwarsa ta kai 14, sai dai in ka rage da `--rotate-pages-threshold`, kuma in ka rage da yawa zai fara juya shafukan da ba su da laifi. Tunda shafukanka 60 duk ta gefe ɗaya suka shiga sikana, kai ka fi manhaja sanin amsar. Ka ba su juyi ɗaya gaba ɗaya. In rubuta umarni bai dame ka ba, abin da ke sama ya isa. In ka fi son danna maɓalli, NAPS2 kyauta ce: ka shigo da PDF ɗin, ka zaɓi dukkan shafukan, ka juya su, ka adana sabon fayil da sunan `mike.pdf`.

Akwai abu biyu da ke biyo bayan juyi. Na farko karkata, wato takarda ta shiga a ɗan gicce. Digiri ɗaya kamar ba komai ba ne, amma a faɗin fiksel 3508 yana sauke ƙarshen layi da kusan fiksel 61, fiye da rabin santimita, kusan tsayin layin ɗalibi guda. Sakamakon shi ne jimlar Aisha ta faɗa layin wanda ke ƙasa da ita. Ana gyara wannan da `--deskew` na OCRmyPDF. Na biyu, in manhajar sikanarka ta riga ta yi OCR, wato karanta rubutun da ke cikin hoto, tun shafin na kwance, to akwai lalataccen rubutu ɓoye a ƙarƙashin hoton, kuma juyi ba ya gyara shi. Manhajojin da ke zaro tebur daga PDF irin su Tabula da Camelot ba sa karanta hoto, wannan ɓoyayyen rubutun suke bi. Dole a sake karantawa daga farko:

```
ocrmypdf --force-ocr --deskew mike.pdf karanta.pdf
```

Yanzu matsala ta biyu, sunayen darussa. Shafi ya miƙe, lambobi suna karantuwa, amma kan teburin yana tsaye, kuma babu juyin da zai miƙar da su biyun a lokaci guda. Abin da za ka gani shi ne ginshiƙan maki sun fito daidai, samansu kuwa fanko ko haruffa ɗai-ɗai. Ɓarnar kan wuce nan ma: doguwar kalma a tsaye tana da tsayin layi biyar ko shida, sai manhajar ta yanka ta zuwa layukan ƙarya, ko ta haɗe ginshiƙai biyu na kusa.

Maganin shi ne a raba kai da gangar jiki. A ce kan teburin ya fara daga fiksel 300 daga sama, tsayinsa 500:

```
magick mike.png -crop 3508x500+0+300 +repage -rotate 90 kai.png
tesseract kai.png - --psm 6
```

Rubutun da ake karantawa daga ƙasa zuwa sama, wanda Rotate Text Up na Excel ke yi, yana miƙewa da juyin 90 ta hannun agogo, kuma ginshiƙin hagu shi ke zama layin farko, don haka jerin bai rikice ba. In naka daga sama yake gangarowa, 270 za ka sa, sai dai jerin zai fito daga ƙarshe zuwa farko, ka kula da wannan.

Amma gaskiya, Malam, a aikinka ba sai ka yi wannan ba. Darussa 12 ne, kuma ajujuwan shekara ɗaya kansu ɗaya ne. Rubuta sunayen da hannunka sau ɗaya a Excel, ka yanke kan teburin daga dukkan shafukan, ka ba manhajar gangar jikin kaɗai. Ka yanke daidai saman layin da ya raba kai da ɗalibi na farko, ka bar layin a ciki domin tebur ya kasance a rufe. Ka lura da ajujuwan kimiyya da na fasaha in darussansu sun bambanta. Bayan haka ka sa Excel ya tara makin kowane ɗalibi ya gwada da jimlar da ke takarda. In darussa suna C zuwa N, jimla tana O:

```
=SUM(C2:N2)=O2
```

Duk layin da ya ce FALSE, koma takarda ka duba shi.

Game da saye kuwa, sikana ta A3 za ta bar ka ka shigar da takardar ta dogon gefe, shi ke nan, abin da juyi ke yi maka kyauta, kuma ba ta da abin da za ta yi wa sunayen da ke tsaye. Ka saye ta in takardunku na A3 ne da gaske. FineReader yana gyara fuskar shafi, kuma yana barin ka ja iyakar tebur da hannu ka gyara layukansa, wanda ke da amfani ga mai karɓar tebura iri-iri kowane mako. In za ka gwada, ɗauki na gwaji ka ba shi shafuka uku mafi muni, ka ƙirga layukan FALSE, ka kwatanta da hanyar kyauta. Kafin duk wannan ma, tunda bugun firinta ne, ka tambayi wanda ya buga ko fayil ɗin na asali yana nan a wata kwamfuta.

Tambaya: Ni da waya nake ɗaukar teburin kayan shago. A wayar a miƙe yake, amma in na tura kwamfuta sai manhajar ta karanta shi a kwance. Wayar ce ba ta da kyau? Daga Malama H., Maraɗi.

Amsa: Wayarki ba ta da laifi, Malama. In aka kife waya a kan takardar da ke shimfiɗe a tebur, ba ta iya tantance sama da ƙasa da kyau, kuma sau da yawa ba ta juya hoton kansa, sai ta rubuta fuskarsa a cikin bayanan EXIF da ke ɓoye a fayil ɗin hoton. Manhajar da ba ta duba wannan bayanin za ta ga hoton a kwance. Wannan umarnin yana mayar da juyin na dindindin:

```
magick hoto.jpg -auto-orient mike.png
```

In bayan haka har yanzu a kwance yake, wayar ce ta yi kuskuren fuskar tun wajen ɗauka, sai ki ƙara `-rotate 90` ko `-rotate 270`. Nan gaba ki riƙe wayar a kwance tana kallon gabanki har alamomin kyamara su juya, sannan ki sunkuyar da ita a kan takardar ki ɗauka.