AB da BA sun bambanta: in sayi wata kalkuleta?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a shekarar farko a jami'ar Tawa. Na ninka matris biyu, A da B, a kalkuletar yayana, AB ya ba ni amsa ɗaya, BA ya ba ni wata. Na tara jika goma. In sayi sabuwa? Ko littafin ne zan canza?

Amsa: Ɗiyata, ajiye kuɗinki, kalkuletar lafiyarta lau. Da ta ba ki amsa iri ɗaya kullum, da ita ce zan ce ki jefar.

Ki ɗauki matris a matsayin aiki da ake yi wa lambobi. Ga buhunan albasa a rumfa biyu, 3 a ta farko, 5 a ta biyu. Matris D tana ruɓanya na rumfar farko, P kuwa tana musanya rumfunan.

```
D = [2 0]    P = [0 1]
    [0 1]        [1 0]
```

In aka fara ruɓanyawa, 3 ya koma 6, sannan a musanya, sai a samu 5 da 6, buhu 11 ke nan. In kuma musanyar aka fara, 5 ne ke zaune a rumfar farko lokacin da ruɓanyawar ta iso, sai a tashi da 10 da 3, buhu 13. Aikin biyu bai canza ba, wanda ya riga wani ne ya canza.

```
PD = [0 1]    DP = [0 2]
     [2 0]         [1 0]
```

Ki lura, a PD matris ta dama ce ke fara aiki, don ita ce ke maƙwabtaka da lambobin. Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe.

Ki gwada da alƙalami ma. Kowane gurbi na amsa yana fitowa ne daga layin kwance na matris ta hagu da layin tsaye na ta dama. Gurbin sama na dama a PD shi ne 0×0 + 1×1 = 1. A DP, wannan gurbin 2×1 + 0×0 = 2 ne. Da kin juya su, wadda ke ba da layin kwance ta koma ba da na tsaye, sai wasu lambobi daban su gamu.

Akwai inda suke dacewa, kamar in ɗayarsu matris I ce, wato wadda ke barin lambobi yadda suke, ko in duka biyun lambobinsu na kan layin karkata daga kusurwar sama ta hagu kawai, sauran gurabe sifiri, irin D. Amma kada ki dogara da hakan a jarrabawa. Abin da ya fi ɓata mini rai in ina gyaran takardu shi ne ganin 2AB a warwarar (A+B)². Daidai shi ne A² + AB + BA + B², sai in kin nuna AB = BA kafin ki haɗe su.

Littafin ma ki riƙe shi. Sai dai in kin ga ya rubuta AB = BA ba tare da sharaɗi ba, to ki kai wa malaminku ya duba shafin.