Layi biyu sun isa, Maman Hanan

"Yaya Hajiya, na rubuta tarihina don shafin sana'ar abincina, sai 'yata ta ce ya yi tsawo, wai in mayar da shi layi biyu. Wallahi duk abin da na taɓa sai in ji ba zan iya cire shi ba. Ta ina zan fara?"

Salamu alaikum, Maman Hanan, da sauran 'yan'uwa. Na karanta rubutun naki har sau biyu. Wajen da kika kawo kakanki da ya taso daga Kano a ƙafa, ya yi shekaru yana noma a Sudan kafin ya tsallako ta Sawakin, wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru, don mu ma haka namu suka zo. To amma ki yi haƙuri, ƙanwata, shi zai fara fita.

Ki tuna wa zai karanta. Alhaji ne ya dawo daga Harami ƙafafunsa a kumbure, kwana biyar yana cin shinkafa da kaza, ransa tuwo yake so. Wani ya tura masa shafinki. Abin da idonsa ke nema shi ne me kike sayarwa, a ina kike, ta yaya abincin zai iso hannunsa. A rubutunki sai a jimla ta bakwai kalmar tuwo ta fito. Kafin nan ya tafi.

Shi ya sa kada ki zauna kina yi wa dogon rubutun aski, ki cire kalma nan ki cire can. Haka za ki wuni, ƙarshe ki samu abin da ba kai ba gindi. Ɗauki biro ki ja layi ƙarƙashin abin da mai saye zai yi amfani da shi yau ɗin nan. Na yi miki, ga abin da ya tsira: tuwo, masa, fura, Shara Mansur, shekarar da kika fara, da lokacin karɓar oda. Sai ki ajiye tsohon gefe, ki rubuta sabo da waɗannan kaɗai.

"Inganci, tsafta da amana" da kika sa, na san gaskiya kika faɗa, na ci abincinki. Amma akwai mai abincin da za ta ce nata ba tsafta? Tunda kowa haka yake rubutawa, ba ya shaidar kowa. Shekarar da kika fara ita za ta yi miki wannan aikin. Wadda ta daɗe haka tana girka wa alhazai, an san da ba ta iya ba, da tuni ta daina. Ki rubuta "tun 2012", kada ki ce shekara kaza, don baɗi sai kin gyara. Kuma ki bar shi a miladiyya. Mu nan mun saba da 1433, amma baƙon da ya zo daga Kano ko Maraɗi sai ya tsaya lissafi.

Ga yadda na haɗa:

Tuwo, masa da fura irin na gida, a Shara Mansur, Makka. Tun 2012 nake girka wa alhazai.
Yi oda kafin Azahar, a kawo masauki bayan Magariba.

Na ƙirga, haruffa 139 ne cif, har da sararin da ke tsakanin kalmomi, don shi ma ana lissafa shi, haka waƙafi da aya. Gurbin bayanin kai na Instagram 150 yake karɓa, kin ga ya shiga da saura.   Kada Hanan ta cika miki shi da hotunan tukunya da zuciya, wuri suke ci.

Yawan 'ya'yanki da rasuwar maigida, Allah ya jiƙansa, kada su shiga. Ba don tsawo kaɗai ba. Duk wanda ya buɗe zai gani, har wanda ba ki so ya san ke kaɗai ce da yara a gida. Sunan unguwa ya isa, ban da kwatancen ƙofa.

Kafin ki sa, ki karanta wa wadda ba ta san sana'arki ba, sau ɗaya tak, sannan ki tambaye ta: me nake sayarwa, ina nake, yaushe ake oda? In ta yi inda-inda a ɗaya, nan ne gyaran yake.

Labarin kakan nan kuma, don Allah kada ki goge. Ki sa shi daban, tare da hoton tsohuwar tandar masar mahaifiyarki da kika taɓa nuna mini. Wanda ya ci tuwon ya ji daɗi zai dawo ya karanta. Ki gwada yau, ki turo mini hoton yadda ya zauna a wayar.